Koin Ya Fasa Shinge: Tashin Gaske Ne Ko Tarko?

"Malam, sau da yawa ina ganin koin ya haura farashin da ya daɗe yana kasa wucewa, sai in yi maza in saya don kada a tafi a bar ni. Da na shiga sai ya juyo, in zauna riƙe da kaya masu tsada. Ta yaya zan bambanta tashin gaske da na yaudara?"

Ɗan'uwa, a daidai lokacin da farashi yake ƙetare shingen, babu mai iya rantse maka cewa na gaske ne ko na ƙarya. Duk wanda ya ce maka yana da alamar da ba ta kuskure, to akwai abin da yake son sayar maka. Ƙetarewa ba ita ce hujja ba. Hujja ita ce abin da ya biyo baya: farashin ya zauna a sama ko bai zauna ba, kuma kuɗin wa ya ɗaga shi.

Fara da sanin abin da ke jibge a saman shinge, domin a nan tarkon yake. Idan koin ya zo wani farashi sau biyu ko uku ana mayar da shi, kowa ya ga wurin. Masu caca a kan faɗuwar farashi sun ajiye odar tsira kaɗan sama da shi, wadda za ta fitar da su daga cacar idan farashi ya tashi, kuma odar tasu ta saye ce. Masu jiran a fasa su ma sun ajiye odar saye a wurin. Ga kuma irinka, da za su ga kore a waya su danna ba tare da shiri ba. Ke nan da zarar farashi ya leƙa sama, masu saye za su fito a lokaci guda, wasu da son ransu, wasu dole. Yanzu ka tuna da mutumin da ke riƙe da kaya masu yawa yana neman fita. Ɗan kasuwar da ya tara buhu dubu na masara a Dawanau ba ya zuba su ranar da kasuwa ta yi sanyi, domin da kansa zai karya farashi. Yana jira ne ranar da masu saye suka cika suna rububi. Saman shinge ita ce wannan ranar ga manyan masu koin. Ba lallai ne sai an haɗa baki an shirya maka makirci ba. Wurin ne kawai da babban mai sayarwa zai sami wanda zai ɗauke masa kaya.

Bari mu ɗauki Bitcoin, tunda tarihinsa a buɗe yake, za ka iya buɗe TradingView ka bi abin da zan faɗa rana bayan rana.

A Disambar 2017 Bitcoin ya tsaya gab da dala 20,000, ya faɗo, ya shekara uku bai koma ba. A ƙarshen Nuwambar 2020 ya sake zuwa bakin wurin. Ya haura 19,000, aka mayar da shi har wajen 16,200 ranar 26 ga Nuwamba. Ya dawo ranar 1 ga Disamba ya taɓa kusan 19,900, aka sake mayar da shi, amma a wannan karon bai wuce wajen 17,600 ba. Ka lura da wannan da kyau, domin rabin amsarka na nan tun kafin a fasa komai: kowace faɗuwa ta fi ta baya gajarta. Masu saye ba sa jiran araha irin ta da, suna ɗagowa suna tarar kayan a sama. Masu sayarwa a bakin 20,000 kuma kayansu na raguwa duk lokacin da aka zo aka ɗiba. Kusan mako uku aka yi ana wannan matsi a ƙarƙashin shingen. Ranar 16 ga Disamba ya fasa, ya rufe ranar a wajen 21,300. Washegari bai tsaya waiwaye ba, ya haura 23,000. Da aka ɗan ja baya bayan kwanaki kaɗan, wajen 22,000 ya tsaya, ko kusa da tsohon shingen bai zo ba. Zuwa 8 ga Janairun 2021 yana bakin 42,000. A wannan watan na Disamba ne kamfanin MicroStrategy ya sayi Bitcoin na dala miliyan 650, saye na ɗauka a ajiye, ba na shiga da safe a fita da yamma ba.

Yanzu ka matsa gaba da wata goma. Shingen wannan karon shi ne wajen dala 64,800 da aka taɓa ranar 14 ga Afrilun 2021, kafin a rikito ƙasa da 30,000. A ƙarshen Satumba farashi na wajen 41,000. Cikin mako uku kacal ya yi gudu ba hutu har ya iso bakin shingen, a kan labarin asusun Bitcoin na farko da aka fara cinikinsa a kasuwar hannun jari ta New York ranar 19 ga Oktoba. Ranar 20 ya fasa, ya taɓa kusan 67,000, ya rufe a wajen 66,000. Wanda ya ce "ni sai kyandir ɗin rana ya rufe a sama nake shiga", ya sami abin da yake jira. Kyandir shi ne alamar da ke jadawali mai nuna inda farashi ya buɗe, inda ya kai da inda ya rufe a cikin wani lokaci. Washegari kuwa aka rufe a wajen 62,000, wato an koma cikin gida. Kafin mako ya zagayo ana wajen 58,000. Aka sake yunƙurawa a Nuwamba: ranar 8 aka rufe wajen 67,500, ranar 10 aka taɓa 69,000 bayan fitowar alƙaluman hauhawar farashi na Amurka, amma a ranar nan ɗin aka dawo aka rufe a wajen 65,000. Kwana shida bayan haka ana bakin 60,000, ranar 4 ga Disamba aka yi rugujewar da ta kai wajen 42,000, kuma bayan shekara ɗaya Bitcoin na ƙasa da 16,000. Wanda ya saya a 68,000 sai da ya jira har Maris ɗin 2024 kafin ya ga kuɗinsa.

Ka ɗora waɗannan biyun gefe da gefe. Na farko ya huta a ƙarƙashin shinge ya tara ƙarfi, na biyu ya iso a guje, ya riga ya tashi da kusan kashi 60 cikin ɗari kafin ma ya taɓa wurin, don haka mafi yawan masu niyyar saye sun riga sun saya. Na farko da ya fita ya yi nisa nan take, na biyu sau biyu yana fita, amma 69,000 ba ta fi 67,000 da komai ba sai kashi 3 cikin ɗari, kuma kowace fita ana tarbar ta da sayarwa. A ganina wannan ce alama mafi nauyi a duk cikinsu: farashin da ya fasa shingen gaske yana gudun wurin, ba ya tsayawa yana shawagi a bakinsa. Idan an fasa, ga labari mai daɗi ko'ina, ga kowa na murna, amma farashi ya kasa ƙara gaba, to akwai wanda ke zuba kaya a kan masu murnar.

To, me za ka duba a aikace idan abin na faruwa a gabanka?

Ka bar kallon kyandir ɗin minti biyar ko goma sha biyar. Shingen da aka gina cikin makonni ba a yanke masa hukunci da minti. Ka sa `1D`, wato kyandir ɗin rana guda, ko aƙalla `4H`, na awa huɗu, ka jira kyandir ya rufe. A yawancin manhajojin ciniki kyandir ɗin rana yana rufewa ne ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya da Nijar, don haka abin da ka gani da la'asar bai zama komai ba tukuna. Idan ya rufe, ka dubi inda gangar jikinsa ta tsaya. Jiki cikakke da ya rufe a saman shinge, kusa da ƙololuwar ranar, yana nuna masu saye sun riƙe wurin har dare. Dogon lagwani a sama, wato siririn layin da ke nuna inda farashi ya kai bai zauna ba, jiki kuma a ƙasan shinge, yana nuna an leƙa an sha duka an dawo, kuma duk wanda ya saya a cikin lagwanin nan ya riga ya shiga asara, gobe shi ma mai sayarwa ne. Amma ranar 20 ga Oktoba ta koya mana cewa rufewa ɗaya ba ta isa ba. Kyandir na biyu da na uku su ne shaidu. Idan aka rufe a sama yau, gobe aka rufe a ƙasan shingen, ni a wurina magana ta ƙare, an ƙaryata fitar. Kuma ka ɗauki shinge a matsayin yanki mai ɗan faɗi, ba zare ɗaya ba. Haurawa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kasuwar da ke motsa kashi 5 a rana ba fasawa ba ce.

Sai yawan ciniki, sandunan nan da ke ƙasan jadawali inda aka rubuta `Vol`. Kada ka dube su su kaɗai, ka gwada ta ranar da matsakaicin kwana 20 da suka wuce. Fasawar da aka yi da cinikin da bai kai na kullum ba abin zargi ce, musamman a daren Asabar ko Lahadi lokacin da kasuwa ba kowa, kuɗi kaɗan ke iya tura farashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawan ciniki shi ma yana iya zama mummunan labari. Kowane saye akwai mai sayarwa a ɗaya gefen. Idan ka ga sanda ta yi tsawon da ba a saba gani ba, amma kyandir ɗin da ke samanta ɗan ƙarami ne mai dogon lagwani, ma'anarsa an yi saye mai yawa kuma duk an shanye shi, farashi bai motsa ba. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: wannan cinikin duka, ina ya kai farashin?

Abu na gaba ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma shi ne ya fi raba gaskiya da tarko a kirifto. Kasuwa biyu ce ke tafiya tare. Akwai ta `Spot`, inda mutum ke biyan kuɗinsa ya karɓi koin. Akwai ta `Futures`, inda ake caca a kan farashi da kuɗin aro, mai dala 100 ya riƙe matsayin dala 1,000 ko fiye. Ko da kai ba ka shiga ta biyun, kamar yadda da yawa daga cikinmu ke kauce mata saboda addini, dole ka riƙa leƙa ta, domin ita ke haƙa ramin da mai saye da kuɗinsa ke faɗawa. Lambobi biyu za ka nema, kuma shafuka irin su Coinglass na nuna su kyauta. `Open Interest` shi ne jimillar cacar da ke buɗe ba a rufe ba. `Funding Rate` kuma ɗan kuɗi ne da ɓangare ɗaya ke biyan ɗaya, galibi duk awa 8; idan masu cacar tashi sun yi yawa, su ke biya. A kwanciyar hankali yana wajen 0.01%. Idan ka gan shi ya kai 0.1%, mutum na biyan 0.3% a rana, kusan 9% a wata, don kawai ya ci gaba da riƙe matsayinsa. Irin wannan ba ya iya haƙuri. Farashi ya tsaya cik na kwana biyu, ya fara gajiya; ya ɗan sauka, manhaja ta rufe masa matsayi da ƙarfi ta sayar, wannan sayarwar ta tura farashi ƙasa ta kama na bayansa, haka har a share su. Abin da ya faru ranar 4 ga Disambar 2021 ke nan. Saboda haka idan koin ya fasa shinge, `Open Interest` ya yi tsalle, `Funding Rate` ya yi zafi, amma cinikin `Spot` bai ƙaru ba, tashin na bashi ne. Akwai kuma wani nau'in: farashi ya harba sama amma `Open Interest` na raguwa. Wannan masu cacar faɗuwa ne ake tilasta wa saye, kuma da an gama da su man ya ƙare, sai in masu sayen gaske sun karɓa daga nan.

Yanzu bari mu yi lissafi, domin a nan ne za ka ga ainihin abin da ke cutar mai zuwa a makare. Mu ƙaddara wani koin ya yi wata biyu yana kai-kawo tsakanin 0.40 da 0.50 na USDT, sau uku ana mayar da shi daga 0.50. Yau ya fasa, kafin ka ankara yana 0.58. Jarinka 500 ne, kuma ka yanke cewa ba za ka yarda ka rasa fiye da 10 a ciniki ɗaya ba. A ina za ka tabbata fitar ta ƙarya ce? Sai farashi ya koma ƙasan shingen, mu ce 0.48. Wannan wurin ba ya canzawa ko a nawa ka saya.

```
adadin koin = asarar da ka yarda da ita ÷ (farashin shiga − farashin fita)
```

Idan ka shiga a 0.58, tazararka zuwa 0.48 ita ce 0.10 a kowane koin. Ka raba 10 da 0.10, koin 100 kawai ya kamata ka saya, na 58 USDT. Amma mai gudun kada a bar shi ba ya wannan lissafin, yana zuba 500 ɗin duka, ya sami koin wajen 862, idan aka koma 0.48 ya rasa 86, kusan kashi 17 cikin ɗari na jarinsa a zama ɗaya. Me kuma yake nema? Ƙiyasin da 'yan kasuwa suka saba yi shi ne a ɗauki faɗin zangon da aka fito daga ciki a ɗora a saman shinge: 0.10 a kan 0.50, wato 0.60. Ƙiyasi ne, ba alkawari ba, amma ka ga inda ya bar shi: ya sa 0.10 a haɗari don neman 0.02. Ko da fasawar ta gaske ce, cinikin ba shi da kyau.

Wanda ya jira fa? Bayan kwana biyu ko uku farashi ya sauko ya taɓa 0.51. A nan za ka zuba ido. Idan saukowar a hankali take, sandunan ciniki na raguwa, kyandir ya leƙa 0.50 ya bar lagwani a ƙasa ya rufe a sama, to wurin da ake sayarwa a da ya zama wurin da ake saye. Ka shiga a 0.51, mafitarka 0.48, tazara 0.03. Da wannan 10 ɗin dai za ka iya sayen koin 333, na wajen 170 USDT, kana neman 0.09 da haɗarin 0.03. Idan kuwa saukowar da ƙarfi ta zo, jan kyandir babba da ciniki mai yawa, ya ratsa 0.50 ya rufe a 0.47, ba ka sayi komai ba, ka kalli tarkon daga waje. Sau da yawa irin wannan ba ya tsayawa a tsakiya, yana gangarawa har ɗaya bakin zangon, wajen 0.40, saboda duk waɗanda suka saya a sama suna rige-rigen fita.

Jira yana da nasa farashin, kuma ba zan ɓoye maka ba. A Disambar 2020 wanda ya ce sai Bitcoin ya dawo ya taɓa 20,000 zai saya, bai ga wannan farashin ba sai a Yunin 2022. Fasawa mafi ƙarfi ita ce wadda ba ta dawowa ɗaukar kowa. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne raba kuɗin shiga: kashi ɗaya cikin uku bayan kyandir na biyu ya rufe a sama, matuƙar bai yi nisa da shingen ba, sauran kuma a ajiye wa dawowa. In bai dawo ba, kana ciki da kaɗan. In kuma ka tarar ya riga ya yi nisa kamar 0.58 ɗin nan, ka ƙyale shi har ya gina sabon zango a sama, ya ba ka sabon wurin da za ka jingina mafitarka.

Game da mafitar, ka sa ta a manhaja tun lokacin da ka saya, kada ka riƙe ta a ka, domin idan farashi ya iso wurin zuciya za ta ce a ƙara haƙuri. Ka kuma san cewa odar `Stop-Limit`, wadda `Stop` ke tayar da ita, `Limit` kuma ya zama farashi mafi ƙanƙanta da ka yarda a sayar maka, na iya ƙin cika idan farashi ya tsallake lambar da ka sa a guje. Ka bar ɗan rata tsakanin `Stop` da `Limit`, misali 0.480 da 0.474. Kada ka manna ta daidai kan 0.50 ko 0.499, nan ne kowa ke ajiye tasa, kuma lagwani ɗaya ya isa ya kwashe ku duka kafin a ci gaba da tashi.

Duk abin da na faɗa ya fi aiki a kan manyan koin masu kasuwa mai zurfi. A kan ƙanana sai ka ƙara taka-tsantsan, domin a can mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya na iya zana duk alamun nan da gangan. Ana iya ƙirƙirar yawan ciniki ta hanyar saye da sayar wa kai. Ka buɗe `Order Book` ka ga nawa ne ke jiran saye tsakanin farashin yanzu da kashi 2 cikin ɗari ƙasa da shi. Idan 'yan dubban daloli ne alhali ana nuna maka cinikin miliyoyi a rana, lambar ba ta gaskiya ba ce, kuma ranar fita ba za ka sami mai karɓa ba. Ka duba ko akwai ranar da za a saki koin ɗin da aka kulle wa masu aikin da masu jarin farko, domin tashin da ya zo gab da wannan ranar sau da yawa shimfiɗa ce ake yi musu. Ka dubi Bitcoin shi ma: ƙaramin koin da ya fasa shingensa a ranar da Bitcoin ke bakin nasa shingen yana tangal-tangal, makomarsa ba a hannunsa take ba. Koin da aka sa a kasuwa jiya ko shekaranjiya kuwa, irin waɗanda ake rabawa bayan an gama mainin a waya, ba shi da shingen da za a ce ya fasa, tunda bai yi tarihin da za a auna shi da shi ba, kuma dubban waɗanda suka same shi kyauta suna jiran kowane tashi su sayar.

Idan kuma yanzu haka kana riƙe da wanda ka saya a sama, ka buɗe `1D` ka nemo shingen da aka fasa. In har kyandir na rufewa a samansa, dalilin shigarka na nan, ka sa mafitarka a ƙasansa ka jira. In an riga an rufe a ƙasa kwana biyu a jere, dalilin ya tafi. Kada ka ƙara saye don rage matsakaicin farashinka. Yawanci farashi kan ɗan farfaɗo ya sake taɓa shingen daga ƙasa, inda waɗanda suka maƙale ke jiran su fita ba riba ba asara, kuma wannan farfaɗowar ce wurin da za ka rage kayanka ko ka fita gaba ɗaya.